Imel ɗin da na rubuta ranar da yayana ya rasu a Kano

Ranar wata Litinin da safe, ina cikin aji a makarantar kuɗi da nake koyarwa a Garwa, aka kira ni cewa yayana ya rasu a Kano. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Hannuna na rawa na tura wa darakta imel: "Yayana ya rasu, zan tafi jana'iza, ina neman 'yan kwanaki." Sai ga amsa: an yi mini ta'aziyya, sannan tambayoyi uku. Kwana nawa? Ina takardar shaidar rasuwa? Wa zai riƙe ajina, alhali jarrabawar CEP ta matso?

Da farko abin ya ɓata mini rai. Daga baya na gane ni ne ban yi bayani ba. Ai an riga an yi jana'izar, gaisuwa ce zan tafi.

Dokar aiki ta Kamaru ta shekarar 1992, sashe na 89, ta ba ma'aikaci izinin fashin aiki har kwana goma a shekara saboda lamarin iyali, da albashinsa, ba tare da an cire daga hutun shekara ba. Sai dai dokar ta ce lamarin da ya shafi gidan ma'aikacin kansa. Ɗan'uwa da ke zaune a wata ƙasa kuwa, ana iya yi maka gardama a kansa. Shi ya sa ban kafa hujja da dokar ba, na dai fayyace komai.

A kan saƙo na biyu na sa "Demande de permission d'absence pour décès". Ga fassarar abin da ke ciki:

"Ranka ya daɗe, yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu yau Litinin a Kano, Najeriya, an kuma binne shi yau kamar yadda addini ya tanada. Ina neman izinin kwana biyar na aiki, daga Laraba zuwa Talata mai zuwa. Tafiya ta Yola kwana biyu ce, dawowa ma haka; sauran kwanakin na gaisuwa ne da sadakar bakwai. Gobe zan miƙa wa malamin da ya yarda ya riƙe ajin darussan mako. Takardar shaidar rasuwa ba ta fito ba tukuna, zan kawo ta ranar da na dawo."

Aka amince a daren nan.

In har irin wannan ta same ka, ka ƙirga kwanakin hanya a cikin roƙonka, don su ne suka ci mini huɗu cikin biyar. Kuma ka jira amsa a rubuce kafin ka tsallaka iyaka. "Je ka kawai" ta waya ba ta kare ka ranar da za a lissafa albashi.

Allah ya jiƙan yayana, ya kyautata namu ƙarshen.