Goge shafin kasuwanci ba ya goge bashin talla

Yawancin masu saye da sayarwa a Facebook suna ɗauka shafi da asusun talla abu ɗaya ne, tunda a kan shafin suke danna Boost post. Alhali Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ya raba su tun daga tushe. Shafi allon ƙofar shago ne, asusun talla kuwa shi ne littafin bashi, kuma a can katin banki yake. Wanda ya cire allo bai yaga littafin ba.

A ce wata mai sayar da atamfa da leshi, da ke saro kaya a Kantin Kwari, ta yanke shawarar daina sana'a. Tallarta na cin naira 5,000 kullum, kuma asusunta irin wanda ake cirar kuɗi daga kati bayan an yi talla ne. A irin wannan tsari ba kullum ake cira ba. Ana bari kuɗin ya taru har ya kai wani ƙa'idajjen adadi, a ce nata 20,000, ko kuma ranar biya ta wata ta zo. Ta goge shafin kwana uku bayan cirar ƙarshe, wato akwai 15,000 a kanta da ba su kai adadin ba. A ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake caji a Najeriya, naira 1,125, ya zama 16,125. Ranar biya na zuwa sai ta ga alat, ta ɗauka 'yan damfara ne, ta garzaya banki a toshe katin. Ba sata aka yi mata ba, bashinta ne.

Toshe katin kuma ba ya kashe maganar. In cirar ta gaza, ana dakatar da asusun tallar, bashin na nan rubuce, kuma asusun a jingine yake da sunanta na Facebook ko da Business portfolio ɗinta. Duk ranar da ta dawo da wata sana'ar ta so yin talla da shi, sai ta biya tukuna.

Abin da ya fi bashin haɗari shi ne katin da aka bari a ajiye. A ce wani yaro ne ya saita mata tallar, aka ba shi izini a asusun, aka manta. Asusu ɗaya na iya yi wa shafuka da dama talla, don haka shafinta na iya ɓacewa amma yaron ya ci gaba da tallata kayan wani da katinta. Haka ma ɓarawon da ya kutsa cikin asusun yaron.

Saboda haka goge shafi shi ne aikin ƙarshe. A fara shiga Ads Manager a kashe duk tallar da ke gudana, har da ta Instagram, a dakata kwana biyu domin ragowar kuɗin da ba a gama lissafawa ba su bayyana. Daga nan a buɗe Billing & payments, a duba abin da ake bi, a danna Pay now. In aka nemi cire babban katin tun kafin haka, tsarin zai ƙi muddin akwai bashi ko talla mai tafiya, kuma wannan ƙin da kansa alama ce cewa da sauran aiki. Mai asusun da ake fara zuba kuɗi kafin talla ba shi da wannan bashin, sai dai ya duba ragowar kuɗinsa kafin ya rufe. Bayan an biya sai a cire mutanen da ke da izini, a cire kati, a rufe asusun tallar.

Kafin rufewar, a sauke rasit na kowace cira, kowanne da lambarsa da ranarsa. Ranar da aka yi gardama da banki, ko abokin haɗin gwiwa ya ce a zauna a yi lissafi, rasit ɗin ne shaida. Rahoton yadda tallace-tallace suka yi aiki ma ba ya zama har abada, watanni 37 kawai Ads Manager ke komawa baya. A ganina wannan rahoton ya fi hotunan shafin daraja, don shi ke nuna wane gari ne ya fi saye kuma nawa aka kashe kafin a samu mai saye ɗaya. Wanda kuwa ya taɓa yin tallar siyasa, ya sani tana zama a Ad Library shekara 7, kowa na iya gani, ko da shafin ya tafi.

Shafin kansa, bayan an nemi a goge shi, yana da kwana 30 da za a iya fasawa. Idan sun cika, hotuna da saƙonnin masu saye sun tafi ke nan, har da bayanan waɗanda suka biya kafin alƙalami suna jiran kaya. Wanda bai tabbatar ya gama da sana'ar ba gara ya zaɓi Deactivate, wanda ke ɓoye shafin ba tare da share komai ba.