Rashin Daidaito Mai Siffar Daima

A kan takardar jadawali, |x| + |y| ≤ 4 na zana siffar daima, irin ta jikin karta. Sandunan nan biyu suna watsar da alamar ragi, nisa daga sifili kaɗai suke aunawa.

Ɗalibi ya fara da inda x da y ba su gaza sifili ba, ya ja layin x + y = 4 daga (4, 0) zuwa (0, 4). Sauran ɓangarori uku madubinsa ne.

Ina za a shafa? A gwada (0, 0): sifili bai kai 4 ba, saboda haka cikin daimar ne amsa. Amma (3, 2) na ba da 5, yana waje.

Gun iyaka ɗalibai kan yi tuntuɓe: in alamar < ce, layin tsinke-tsinke ake ja, domin bakin ba ya cikin amsa.