Ƙunar ruwan zafi: minti 20 na farko

Da safiyar hunturu, uwa ta sauke tukunyar koko ta juya ɗauko ludayi, sai ɗanta mai shekara 2 ya jawo tukunyar, koko ya kwararo masa daga kafaɗa zuwa ƙirji. Kafin a ce kwabo gida ya cika. Wannan ta ce a kawo manja, waccan ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, wata kuma ta ruga ɗauko makilin. Ruwan da ke cikin randa, wanda shi ne maganin farko, ba wanda ya tuna da shi.

Fata tana riƙe zafi kamar yadda tukunya ke ci gaba da tafasa bayan an sauke ta. Ko an janye yaro daga wurin, zafin na ci gaba da cin naman da ke ƙasa. Koko da kunu da talge sun fi ruwan zafi illa, domin kaurinsu na sa su manne wa jiki. Fatar yaro kuma ta fi ta babba taushi, shi ya sa abin da zai bar ja kawai a hannun uwa kan iya saluɓe ta ɗanta.

Abu na farko, a cire masa rigar da ta jiƙe, har da awarwaro ko guru ko zobe, tun kafin wurin ya kumbura. In tufafi ya manne da fata, kada a ja, a yanke kewayensa da almakashi. Daga nan sai a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20 cur, a duba agogo. In babu famfo, a cika buta daga randa, wani na zubawa a hankali wani na sake cikawa. Ruwan leda ma ya yi. Ko an makara, sanyayawar na da amfani matuƙar ba a wuce awa 3 ba.

Ban da ƙanƙara da ruwan firji mai tsananin sanyi. Suna matse ƙananan jijiyoyin jini, jini ya kasa isa fatar da ke neman farfaɗowa, ƙunar ta ƙara zurfi. Kada kuma a tsoma yaro gaba ɗaya cikin baho. Wurin ƙunar kaɗai ake sanyayawa, sauran jiki a lulluɓe da zane, domin sanyi na saurin kama ƙaramin yaro. In ya fara karkarwa, a dakata.

To, me ya sa aka hana kayan gida? Manja da man gyaɗa da man shanu da basilin suna rufe sabuwar ƙuna su kulle zafin a ciki. Makilin na ba da ɗan sanyi a sama, amma yana bushewa ya ƙanƙame ciwon. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Gishiri da kanwa da toka ƙara cin naman suke yi, haka kananzir da baƙin mai. Kashin shanu da ƙasa na iya jawo cutar sarƙe haƙora. Gashin zomo da auduga kuwa suna shigewa cikin ciwo. Duk abin da aka shafa, sai ma'aikacin asibiti ya wanke shi tas kafin ya ga zurfin ƙunar, kuma yaron ne zai sha azabar wankin. Ko shuɗin maganin nan na kemis ɓoye launin ciwon yake yi.

Bayan minti 20, a shimfiɗa sabuwar farar leda mai tsabta a wurin, kada a ɗaure tamau, kada a sa ta a fuska. In bororo ya taso, a bar shi, shi ne rufin da ke tare ƙazanta. A ba yaro farasitamol daidai shekarunsa, mai shan nono a ci gaba da ba shi.

Tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsu, kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Ƙunar da ta fi tafinsa faɗi ta asibiti ce. Haka wadda ta shafi fuska, hannu, ƙafa, gaba ko gaɓa, da duk ƙunar ƙaramin yaro. Wurin da ya yi fari fat ko ya taurare, ba ya kuma ciwo, shi ne mafi zurfi, jijiyoyin jin zafi ne suka mutu. Yaron nan na koko, ƙunarsa ta kai tafinsa 4 kuma ta hau kafaɗa, don haka da an gama zuba ruwa sai a nufi asibiti, ba tare da an shafa masa komai ba.