Zane Ɗari Uku a Tafin Hannu, Turmi Ɗaya Ya Gagara

A Kantin Kwari, ƙafa ce ke yanke wa mai saye hukunci. Ka shiga shago huɗu ko biyar, rana ta take, yaron shago ya sauko maka da turmi goma ya baje, kunya ma ba za ta bar ka ka ce ya sauko da na sha ɗaya ba. Haka za ka nuna ɗaya a yi ciniki. Yanzu kasuwar ta koma cikin waya, kuma waya ba ta da rana, ba ta da yaron shagon da za a ji kunyarsa. Mace za ta kwanta bayan isha'i da niyyar zaɓen atamfar Sallah turmi ɗaya tak, ta bi hotunan masu sayar da kaya a WhatsApp, ta zarce Instagram, ta leƙa TikTok. Sha biyun dare ta yi, data ta kusa ƙarewa, ta ajiye hoto arba'in a waya, ba ta sayi komai ba. Washegari sai ka ji tana cewa, "Wallahi duk sun rikita ni."

Sun rikita ta kuwa, kuma da dalili. Kwatanta kaya aiki ne, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abu da yawa a lokaci guda. Masu binciken tunani na cewa kamar guda huɗu ne. Idan zane shida ne a gabanta, akwai kwatance 15 tsakanin bibbiyu. Idan sun kai 24, kwatancen ya zama 276. Ba wanda zai yi wannan lissafin, don haka sai ido ya riƙa wucewa kawai. Alamar an gaji a bayyane take: zanen da aka gani ɗazu a sake buɗe shi ba tare da an tuna an gan shi ba, ko a shigo neman atamfa a tsinci kai ana kallon takalma, ko kuma a ƙarshe a fizgi na kusa don kawai a huta.

A shekarar 2000, Sheena Iyengar da Mark Lepper sun wallafa wani gwaji da suka yi a wani kantin kayan abinci a California. Sun kafa teburin ɗanɗana jam, abin zaƙin nan na 'ya'yan itace da ake shafa wa burodi. Wani lokaci su jera kala 24, wani lokaci 6. Babban teburin ya fi tara jama'a, amma kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka tsaya suka saya. A ƙaramin kuwa, kusan kashi 30 ne. Sai dai kada a ɗauki wannan kamar doka. A 2010 Benjamin Scheibehenne da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 50 irinsa, suka ga idan an haɗa su duka, yawan kaya shi kaɗai bai cika hana saye ba. Wani wuri ya hana, wani wuri ma ya taimaka. Inda yake cutarwa shi ne idan kayan sun yi kama da juna, mai sayen kuma bai san abin da yake so ba tun daga gida. Wannan kuwa siffar mai neman atamfa ce a waya da tsakar dare.

Akwai kuma hannun masu gina manhaja. Salon nan da kake jan allo sababbin hotuna na ta ɓullowa ba iyaka, Aza Raskin ake danganta wa ƙirƙirarsa a 2006, kuma shi da kansa ya nuna nadama daga baya. Shafin da ba shi da ƙarshe ba zai taɓa ce maka "ka gama gani" ba. Tun da ba a gina masa ƙofa ba, kai ne za ka yanka ta.

Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya daɗe da bayyana hanyar: mutum ya gindaya sharuɗɗan abin da zai wadace shi, ya ɗauki na farkon da ya cika su, ya daina neman wanda ya fi kowa. A ganina nan ne maganin yake, domin "mafi kyau" a cikin zane ɗari uku ba ya samuwa. Gobe da safe za a ɗora wasu sababbi.

Mu ɗauka wata ce ke da naira 30,000. Kafin ta taɓa waya, ta rubuta abu uku a takarda. Na ɗaya kuɗi, har da na kawowa: idan ɗan aike ko mota zai ci 2,000, to atamfarta ba za ta wuce 28,000 ba. Na biyu kala: tana da mayafi ruwan toka da ba ta son sayen wani, saboda haka shuɗi ko kore take nema. Na uku lokaci: dole kayan su iso hannun tela cikin satin nan, don kowa ya san yadda teloli ke rufe karɓar ɗinki idan azumi ya yi nisa. Sharaɗi uku ya isa. Wanda ya rubuta bakwai ya sake gina wa kansa wata kasuwar ce a takarda.

Daga nan ba sai ta bi shafukan kowa ba. Ta zaɓi masu sayarwa biyu da ita ko wata tata ta taɓa saye a wurinsu, ta aika saƙo ɗaya: "Hajiya, don Allah a turo min shuɗi ko kore, auduga, yadi shida, kada ya wuce 28,000." Da wannan saƙon ta mayar da aikin tacewa ga wadda ta fi ta sanin kayan. Ta saita agogon waya minti goma. Duk wanda ya cika sharaɗi ta ajiye hotonsa, idan sun kai uku ta tsaya. Na farko da na biyu su kara, wanda ya tsira ya kara da na uku. Kwatance biyu ke nan. Idan biyun ƙarshe sun yi kunnen doki har ta kasa rabawa, to bambancinsu bai kai a ɓata dare a kansa ba. Ta ɗauki mai sauƙin kuɗi, ko wanda zai riga isowa.

Minti biyun da ba a tsallakewa su ne na tabbatarwa. Hoto na ƙarya da kala, musamman wanda aka ɗauka ƙarƙashin fitilar shago ko aka yi masa kwalliya. Ta ce a yi mata ɗan bidiyo a hasken rana, a nuna gefen zanen inda sunan kamfani yake, a kuma juya bayansa, don bugun da ya ratsa fuska biyu daban yake da wanda ya tsaya a fuska ɗaya. Mai sayarwar da ta hau kame-kame a nan, a bar mata kayanta. Bayan an tura kuɗi kuma, a goge sauran hotunan, a daina leƙa shafin. Yawancin da-na-sani daga leƙen bayan saye yake zuwa, lokacin da wani sabon zane ya faɗo kuma ya fara rage wa naka kyau tun bai je wurin tela ba.

Wannan ba tsarin komai ba ne. Ya dace da abin da kuskurensa ke da arha: atamfa, takalmi, fim ɗin da za a kalla yau, abincin da za a yi oda. Batirin sola, keken ɗinki ko kayan lefe gaba ɗaya ba na minti goma ba ne. Waɗannan a tsayar da guda uku yau, a kwana a kansu, a tambayi wanda ya yi shekara yana amfani da irinsu, sannan a je shago a taɓa da hannu kafin kuɗi ya fita.