Kada Kamfanin Neman Ma'aikata Ya Manta Da Kai: Saƙon Da Ya Kamata Ka Riƙa Turawa

Masu neman aiki da yawa suna miƙa takardar bayanin karatunsu da ayyukansu, wato sibi, ga kamfanin da ke samo wa wasu kamfanoni ma'aikata, sai su koma gida su naɗe hannu suna jiran kira. Wata biyu, wata uku, shiru kake ji. Daga nan sai su yanke hukunci cewa sai mai uwa a gindin murhu ake kira. Sau da yawa dalilin bai kai nan ba. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka bai san ko har yanzu kana nema ba, bai san yaushe za ka iya fara aiki ba, kuma ba zai sa sunanka a gaban mai ba shi kwangila ba alhali yana shakka a kanka.

Kafin mu zo kan abin da za a rubuta, ya kamata a san wanda ke biyan irin wannan kamfani. A tsari na gaskiya, mai ɗaukar aiki ne yake biya. Banki ko masana'anta ko ƙungiyar agaji za ta ce tana son akawu ɗaya, kamfanin ya zaɓo mutane kaɗan ya tura mata, idan ta ɗauki ɗaya daga cikinsu sai ta biya lada, galibi wani kaso na albashin shekara na wanda aka ɗauka. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kada irin waɗannan kamfanoni su caji ma'aikaci kuɗi. A Nijeriya kuma Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya ce ke ba su lasisi.

Ke nan jami'in tamkar dillali yake: ba zai yi wa mai saye tallan hajar da bai tabbata tana nan ba. Idan ya tura sunanka, aka sa ranar ganawa, sannan aka gano ka riga ka kama aiki a wani wuri ko ka bar gari, shi ne zai ji kunya, kuma yana iya rasa kwangilar gaba. Saboda haka duk lokacin da gurbi ya faɗo, waɗanda yake fara tunawa su ne waɗanda ya ji daga gare su kwanan nan, ya san halin da suke ciki. Aikin saƙonka shi ne ya cire masa shakka.

Abu na farko da zai nema a saƙon shi ne ranar da za ka iya fara aiki. A nan mutane ke yawan kuskure, su rubuta "a shirye nake kowane lokaci" alhali suna aiki a wani wuri. Wanda ke kan aiki sai ya ba da sanarwar ajiye aiki kafin ya tafi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar zuwa sama. Amma takardar ɗaukarka aiki tana iya tanadar wa'adin da ya fi haka, kuma ma'aikatan ofis da dama wata ɗaya ne a rubuce a tasu, manya ma har wata uku. Ka ɗauko takardar ka karanta kafin ka faɗi rana. Idan mai yi wa ƙasa hidima ne kai, ka faɗi watan da za a sallame ku, domin wurare da yawa ba sa ba da aikin dindindin sai sun ga takardar kammalawa. Idan akwai tafiyar aikin hajji, ko biki, ko jarrabawa a gabanka, ka ambaci kwanakin tun yanzu.

Abu na biyu shi ne inda nemanka ya kai. Wasu suna ɓoye cewa sun je ganawa a wani wuri, suna tsoron kada jami'in ya yi fushi ya saki lamarinsu. Ai shi ma ya san ba ƙofarsa kaɗai kake ƙwanƙwasawa ba. Jin cewa wani ya kira ka zagaye na biyu yana nuna masa kana da kasuwa, kuma yana ba shi hujjar da zai matsa wa wanda ya tura wa sunanka ya hanzarta. Ba dole ne ka faɗi sunan wurin ko adadin da aka yi maka tayi ba. Ya isa ka faɗi irin aikin, da matakin da aka kai, da lokacin da kake sa ran jin sakamako. Sai dai kada ka ƙirƙiri tayin da babu shi don a gaggauta maka. Idan mai ɗaukar aiki ya ce "to, ya je ya karɓi wancan", ka yi biyu babu.

Akwai wani dalili na faɗin inda ka nema wanda ba kowa ya sani ba. Idan ka tura sibi ɗinka kai tsaye ga wata masana'anta, sannan kamfanin da ke wakiltarka ya sake tura shi can, ko kamfanoni biyu suka tura ka wuri ɗaya, sai a shiga jayayyar wanda ya kawo ka da wanda za a biya lada. Mai ɗaukar aiki da ba ya son rigima yana iya ajiye sunanka gefe ya ɗauki na gaba. Maganin abin mai sauƙi ne: ka riƙe jerin wuraren da ka nema da kwanan wata, ka kuma roƙi jami'in ya tuntuɓe ka kafin ya kai sunanka ko'ina.

Mu ɗauki misali. A ce wata akawu ce a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, shekararta huɗu a wurin, albashinta naira 250,000 a wata. Ta yi rajista da kamfanin neman ma'aikata wata biyu da suka wuce, an tura ta ganawa ɗaya a wata masana'anta da ke Sharaɗa, ba a ɗauke ta ba, daga nan ba ta sake jin komai ba. A tsakanin nan ta ci wani mataki na jarrabawar ICAN, ta kuma nemi wani aiki da kanta. Doka ta ce mako biyu, amma takardarta ta ce wata ɗaya, don haka da wata ɗaya za ta yi lissafi. Ko da Turanci za ta rubuta, kamar yadda aka saba a ofisoshi, abin da saƙon zai ƙunsa ke nan:

"Assalamu alaikum Hajiya. Da fatan kina lafiya, ya aiki? Ni ce akawun da kika tura ganawa a Sharaɗa a watan Janairu, na gode da wannan dama. Ina sanar da ke cewa har yanzu ina neman aiki. Ina kan aikina na yanzu, kuma wa'adin sanarwata wata ɗaya ne, don haka zan iya farawa wata ɗaya bayan na karɓi takardar ɗauka. Zan iya zuwa ganawa kowace rana idan aka sanar da ni kwana biyu kafin lokacin, ban da 18 zuwa 21 ga Maris. Na je ganawa ta farko a wata ƙungiya mai zaman kanta da na nema da kaina, sun ce zan ji daga gare su ƙarshen wata, amma babu tayi a hannuna. Na ci mataki na gaba na ICAN, na haɗo sabon sibi. A da na ce Kano kawai. Yanzu zan karɓi Kaduna ko Abuja. Ina neman albashin da bai gaza naira 320,000 a wata ba kafin cire haraji da fansho. Ina roƙon ki ci gaba da gabatar da ni ga guraben akawu, ki kuma sanar da ni sunan wurin kafin ki tura. Idan akwai abin da masu ganawar Sharaɗa suka ce in gyara, zan so in ji. Na gode."

A lura da yadda ta fara da tunatar da ko ita wace ce, domin jami'ar tana hulɗa da mutane masu yawa. Ta ce "kafin cire haraji da fansho" saboda a nan ake samun saɓani: dokar fansho ta 2014 ta sa ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci, ga kuma haraji, don haka wanda bai bambance ba yana iya amincewa da adadi, ƙarshen wata ya ga abin da ya shigo asusunsa bai kai tsohon albashinsa ba. Ta kuma faɗi abin da ya canza, wato garuruwan da za ta iya zuwa da sabuwar shaidar karatu. Wataƙila akwai gurbi a Kaduna da aka tsallake ta a kai saboda abin da ta faɗa tun farko.

Sau nawa za a riƙa tura irin wannan? Idan babu sabon labari, sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar. Sallama kullum da safe ta WhatsApp da "Hajiya, ya ake ciki?" ba ta ƙara maka komai sai gundura. Amma idan abu ya canza, kamar ka sami tayi, ko ka ajiye aiki, ko ka sauya lambar waya, a ranar za ka sanar. Imel ya fi dacewa da cikakken bayani domin ana iya komawa gare shi, sai ka bi da gajeren saƙon waya cewa ka tura.

Amsar da za ka samu ita za ta nuna maka matsayinka. Jami'in da ke aiki a kanka zai yi tambaya, ya ambaci irin guraben da ke hannunsa, ko ya gaya maka gaskiya cewa babu irin naka a yanzu. Idan ka tura saƙo uku cikin wata biyu ba amsa, ka kira ofishin ka tambaya ko wanda ke riƙe da fayil ɗinka yana nan, domin su ma suna canza aiki. Idan yana nan kuma shirun ya ci gaba, ka mai da ƙarfinka wani kamfanin ba tare da faɗa ba. Idan kuwa amsar ita ce ka turo kuɗi a ɗaga sunanka sama, ko a sayar maka da gurbi, ka tsaya nan, ka bincika ko suna da lasisi.

In Allah ya sa ka sami aiki, ta hanyarsu ko ta wata hanyar, ka rubuta saƙo na ƙarshe: ka gode, ka faɗi cewa ka kama aiki, ka nemi a daina tura sibi ɗinka. Wannan yana hana takardarka faɗawa hannun sabon maigidanka ta bayan fage, ya zaci tun ba ka zauna ba kana shirin tashi. Yana kuma sa jami'in ya ɗauki wayarka da daraja idan ka sake buƙatarsa bayan shekara biyu ko uku.