Daga Birtaniya Zuwa Kano: Abin da Mai Ɗaukar Aiki Ke Nema a Wasiƙar Wanda Ya Dawo Gida

An fi jin labarin masu tafiya. Tun da Birtaniya ta buɗe biza ta musamman ga ma'aikatan lafiya a shekarar 2020, ma'aikatan jinya na Najeriya ke ta tururuwa zuwa asibitocin hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS. Sai dai akwai masu dawowa, wani saboda tsufan iyaye, wani saboda tarbiyyar 'ya'ya, wani kuma kwantiraginsa ne ya ƙare. Da yawansu suna ɗauka cewa ambaton sunan London ko Jidda kaɗai ya isa ya buɗe musu ƙofa. Abin ba haka yake ba.

Mai asibitin kuɗi a Kano ko Kaduna idan ya ga takardar wadda ta yi shekaru a waje, tambayoyi uku ne ke fara zuwa masa. Zai iya biyanta? Za ta zauna, ko hutu ta zo yi kafin wata bizar ta fito? Za ta iya aiki a daren da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, tukunyar iskar oksijin ɗaya ce ga majinyata uku? Takardar tarihin karatu da aiki ba ta amsa ko ɗaya daga ciki, domin jerin shekaru da muƙamai ce kawai. Amsar aikin wasiƙar da ake ɗorawa a kanta ne, wadda a Najeriya galibi da Turanci ake rubutawa, kuma ba ta wuce shafi guda.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya da ta yi makarantar jinya a gida, ta yi aiki a asibitin gwamnati, sannan ta shafe shekara takwas a Ingila. Yanzu tana neman kujerar shugabar ɗakin kwantar da manya a wani asibiti mai zaman kansa.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne muƙami. Idan ta rubuta cewa ta kai mataki na shida a NHS, ta yi magana da kanta ne kawai. A can kowa ya san cewa sabuwar ma'aikaciyar jinya daga mataki na biyar take farawa, na shida kuma na ƙwararriya ne, irin mataimakiyar shugabar ɗaki. Mai karatu a Kano bai san wannan ba, kuma yana iya gwada shi da matakan albashin gida ya ga kamar ƙaramin matsayi ne. Don haka sai ta faɗi aikin kansa: “Na shekara uku ina mataimakiyar shugabar ɗaki mai gado 28. Ni ke tsara jadawalin duti, ni ke raba majinyata ga ma'aikata, kuma ni ke horar da sababbi.” Duk wanda ya taɓa riƙe asibiti zai gane nauyin wannan.

Zuciyar wasiƙar ita ce sakin layin da ke nuna abin da ta zo da shi, kuma abu ɗaya da aka yi wa bayani ya fi goma da aka jera. Ba ta da buƙatar kwatanta na'urorin da ta yi aiki da su, tunda asibitin ba shi da su kuma ba ta zo da su a jaka ba. Abin da ya biyo ta shi ne tsarin aiki.

Misali mai kyau shi ne katin gano majinyacin da jikinsa ke rikicewa, wanda ake kira NEWS2. Ƙungiyar manyan likitocin Birtaniya ta fitar da shi a 2012, ta sabunta shi a 2017. Abu shida ake aunawa: yawan numfashi, yawan oksijin a jini, hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki, da ko majinyaci na cikin hayyacinsa. Kowane awo yana da maki daga sifili zuwa uku, akwai kuma ƙarin maki ga wanda aka saka wa oksijin. Idan jimilla ta kai biyar, a kira likita da gaggawa kuma a riƙa aunawa aƙalla kowace awa. Idan ta kai bakwai, lamarin ya zama na ceton rai. Kayan da ake buƙata su ne takarda, agogo, ma'aunin zafi, ma'aunin hawan jini da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Babu wanda ke jiran wutar lantarki a cikinsu.

Ga yadda za ta shigar da shi: “A ɗakin da na yi aiki, kowane majinyaci yana da wannan kati, kuma ni ke duba yadda ake cika shi. Zan iya koya wa ma'aikatanku shi da kayan da kuke da su, mu fara da ɗaki ɗaya na wata uku, sannan mu duba sakamakon tare da likitoci.” Ta faɗi abin da ta iya, ta nuna ba ya cin kuɗi, ta kuma ba da hanyar gwaji.

Yana da kyau ta faɗi iyakarsa. Ba a amfani da katin ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko mata masu juna biyu, kuma ba shi da amfani idan an kira likita babu mai zuwa. Shugabar ma'aikatan jinyar da ta san aikinta za ta fi amincewa da wadda ta ambaci wannan fiye da wadda ta yi alkawarin gyara asibiti gaba ɗaya.

Sai batun harshe. Jimloli irin su “zan kawo muku aiki na zamani” ko “a can ba haka ake yi ba” suna kashe wasiƙa, domin mai karanta ta ya yi shekaru yana riƙe da ɗaki da ma'aikata kaɗan, kuma ba ya son a zo a yi masa gori. Gara ta tuna masa cewa a gida ta fara: ta yi jinyar zazzaɓin cizon sauro da sikila, ta san yadda ake lallashin dangin majinyaci da ke tsaye da takardar magani babu kuɗin saye, tana kuma magana da majinyata da Hausa ba tare da tafinta ba.

Tambayar zama kuwa jimla biyu sun ishe ta, muddin akwai hujja a ciki. “Na dawo Kano da iyalina, yarana sun shiga makaranta a nan, kuma zan iya fara aiki a farkon wata mai zuwa” ta fi dogon bayani kan kishin ƙasa. Game da albashi, ba a rubuta abin da ake karɓa da fam. Ya isa ta ce ta san tsarin albashin gida kuma a shirye take a tattauna a kansa.

Na ƙarshe shi ne takardun izini. Rajistar Birtaniya ba ta ba kowa damar taɓa majinyaci a Najeriya. Sai da lasisi mai rai daga Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Idan nata ya ƙare tana waje, ta sabunta shi kafin ta aika wasiƙar, ko ta faɗi inda maganar sabuntawar ta kai. Idan ta yi digiri a can, za a iya tambayar ta shaidar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, wadda ake bai wa wanda ya haura shekara 30 kafin kammala digirinsa.

Masu tsaya mata su zama biyu: shugabarta ta Ingila da adireshin imel na wurin aiki, da wani babba a gida da ya san aikinta kafin ta tafi. Mai ɗaukar aiki zai fi saurin buga wa na gida waya, saboda haka ta sanar da shi tun kafin wasiƙar ta bar hannunta.