Inda daloli ke zubewa tsakanin Kano da Guangzhou

A ce wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya tura wa masaƙa a Guangzhou dala 5,000 kuɗin atamfa, ya biya bankinsa ladan turawa daban, ya karɓi rasit. Bayan kwana uku sai masu kaya su ce dala 4,955 suka gani, kuma ba za su saki kaya ba sai an cike. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ko dai bankinsa ya yi masa ƙwange, ko mutanen can sun raina masa hankali. Sau da yawa babu ko ɗaya. A hanya aka yanke kuɗin.

Tushen maganar shi ne babu wata dala da ke hawa jirgi. SWIFT, wadda bankuna suka kafa a 1973 da hedikwata a Beljiyam, saƙo kawai take kaiwa: a cire kaza daga asusun wane, a saka wa wane. Kafin saƙon ya zama kuɗi, dole bankunan biyu su kasance suna da asusu a tsakaninsu. Bankin Kano kuwa da wuya ya kasance yana da asusu a bankin da masaƙar ke hulɗa da shi. Dalolinsa suna ajiye ne a wani babban banki a New York, domin kusan duk cinikin dala tsakanin ƙasashe a Amurka ake daidaita lissafinsa. Shi ma bankin Sin yana da nasa wakilin a can. Idan an dace wakilin nasu ɗaya ne, hanya ta gajarta; idan ba haka ba, sai wannan ya miƙa wa wancan. Kamar kayan da aka aika garin da babu motar kai tsaye ne, duk tashar da aka sauke aka sake lodi sai an sallami 'yan kamasho.

A misalinmu, wakili na farko ya ɗebi dala 20, na biyu 15, bankin mai karɓa ya cire 10 ladan shigar da kuɗi. Ga 45 ɗin nan. Me suka yi da za a biya su? Sun duba sunayen mai turawa da mai karɓa ko suna cikin jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi, sun tantace ko da alamar halatta kuɗin haram, sun daidaita littattafansu. Aiki ne, ba a musu. Sai dai tun da ba su da asusun mai turawa balle su caje shi, daga cikin kuɗin da ke wucewa suke gutsura, kuma mai kuɗin bai zaɓe su ba, ba a kuma faɗa masa farashinsu. Nan ne nake ganin rashin adalcin yake. Sannan yawanci ladan ba ya bin yawan kuɗi: dala 45 a cikin 5,000 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ga uban da ya aika wa ɗansa ɗalibi dala 300, kashi 15 ke nan.

A takardar da ake cikewa a banki akwai wani ɗan gurbi da mutane ke tsallakewa, alhali shi ke faɗin wanda zai ɗauki nauyin. SHA na nufin mai turawa ya biya bankinsa, sauran a cire daga kuɗin, kuma shi aka fi sakawa idan mutum bai ce komai ba. BEN na nufin a cire komai daga kuɗin, har da ladan bankin farko. OUR kuma mai turawa ne zai biya duka, don haka ya fi tsada a kanta. Wanda aka yanka wa adadin da dole ya isa cif, kamar kuɗin makaranta ko na kaya, OUR ya kamata ya nema. Ko shi ɗin ma ba ya hana tsautsayi, domin akan samu umarnin ya tsaya a wakili na farko, na gaba ya yanki nasa. Shi ya sa yana da kyau a tambayi banki ko yana da tsarin da ke lamunce isar kuɗi cikakke.

Idan kuɗi ya isa da giɓi, a nemi banki ya ba da kwafin saƙon biyan, wanda ma'aikata suka saba kira MT103, tare da lambar UETR mai alamomi 36 da ake bin sawunsa da ita. A gwada adadin da aka umarta da wanda aka sauke, a duba gurbin caji. Ɗan giɓi mai cikakken adadi, irin 15 ko 25, aikin wakilai ne. Idan kuwa ya yi yawa har da 'yan ɗigo, to mai yiwuwa an canza dalar zuwa wani kuɗin a farashin banki, saboda asusun mai karɓa ba na dala ba ne. Kuskuren harafi a suna ko lambar asusu ya fi duka ciwo, domin kuɗin na iya dawowa bayan makonni, an yanke shi a tafiya an kuma yanke shi a dawowa.